Tara da kuɗin ruwa a kan bashin haraji: Yadda Naira miliyan ɗaya ke zama miliyan biyu da ɗoriya

Takardar neman biyan bashin haraji da ake kai wa masu shaguna a Titin Ahmadu Bello ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke yankin Doka a Kaduna kan zo ne da adadi uku: asalin harajin da ba a biya ba, sai tara, sai kuma kuɗin ruwa. Galibi idon mai shago kan sauka ne a kan jimillar da ke ƙasa, daga nan sai a shiga neman wanda zai sa baki a yi ragi. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi yadda aka samo adadi na uku ba, alhali a cikin ukun shi ne kaɗai yake ƙaruwa da kowace wayewar gari, kuma shi ne wanda hanyar lissafinsa za ta iya sauya jimillar da dubban ɗaruruwan Naira.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a san wa ke bin bashin. Ɗan kasuwar da ke gudanar da harka da sunansa, da mai makaranta ko asibitin da ke cire harajin albashi daga ma'aikatansa, suna biya ne ga Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kaduna, wato KADIRS. Kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin kamfani kuwa, harajin ribarsa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS kafin ta koma NRS a ƙarƙashin sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ranar 26 ga Yunin 2025.

Tara da kuɗin ruwa ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a bakin jama'a duk “ƙari” ake ce musu. Tara hukunci ne a kan saɓa wa'adi. Kuɗin ruwa kuwa farashin lokacin da kuɗin gwamnati ya ɗauka ne a hannun wanda ya riƙe shi. Sashe na 32 na dokar da ta kafa FIRS ta 2007 ya tanadi ƙarin kashi 10 cikin 100 na harajin da ba a biya a kan kari ba, sannan kuɗin ruwa daidai da ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya, haɗe da wani ƙari da Ministan Kuɗi zai ƙayyade. A shekarar 2017 Ministar Kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta tsayar da wannan ƙari a kashi 5 daga ranar 1 ga Yuli. Ma'aunin Babban Banki a lokacin kashi 14 ne, don haka ruwan ya tashi kashi 19 a shekara. Dokar Gudanar da Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, ta riƙe wannan tsari na tarar kashi 10 da ruwan da ke bin ma'aunin Babban Banki, kuma ta shafi hukumomin jihohi kamar yadda ta shafi ta tarayya.

A watan Satumban 2025 Babban Bankin ya sa ma'auninsa a kashi 27. Idan aka ɗora masa ƙarin kashi 5 irin na 2017, za a samu kashi 32. Da wannan adadi za a yi misalin da ke tafe, don sauƙin lissafi kawai.

A ɗauka wani mai sayar da kayan lantarki a Doka ana bin sa harajin Naira 1,000,000, kuma shekara uku cur ta wuce bai biya ba. Tararsa Naira 100,000 ce. Kuɗin ruwan ne ke da hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce miƙaƙƙen ruwa, wanda ake ɗorawa a kan uwar kuɗi kaɗai. Kashi 32 na miliyan ɗaya shi ne Naira 320,000, kuma haka zai kasance a shekara ta farko da ta biyu da ta uku, domin uwar kuɗin ba ta canza ba. Ruwan shekara uku ya zama Naira 960,000. Idan aka haɗa da asalin haraji da tara, abin da zai biya Naira 2,060,000 ne.

Hanya ta biyu ita ce ruwa a kan ruwa, inda ruwan da ya taru ake mayar da shi cikin uwar kuɗi, shi ma ya fara haihuwa. Shekarar farko babu bambanci, Naira 320,000 ce. Amma a shekara ta biyu kashi 32 ɗin zai hau kan Naira 1,320,000 ne, sai ya ba da Naira 422,400. A shekara ta uku bashin ya riga ya kai Naira 1,742,400, ruwansa kuma Naira 557,568. Jimillar ruwan ta zama Naira 1,299,968, abin biya gaba ɗaya kuma Naira 2,399,968. Haraji ɗaya, ma'auni ɗaya, shekaru ɗaya, amma tazarar ta kusa Naira 340,000.

Ruwa a kan ruwa ma ya kasu, gwargwadon yawan lokutan da ake zuba ruwan cikin uwar kuɗi. Da a ce kowane wata ake yi maimakon kowace shekara, ruwan shekara ukun zai kai kimanin Naira 1,579,000, kuma kashi 32 da aka rubuta a takarda zai zama kashi 37 da ɗoriya a zahiri. Duk wanda ya taɓa karɓar rancen banki ya bar shi ya kwana biyu ya san wannan ciwo.

A jinkiri na ɗan lokaci, gardama a kan hanyar lissafi ɓata baki ce. Mutumin nan da wata uku kawai ya makara, miƙaƙƙen ruwansa Naira 80,000 ne, na ruwa a kan ruwa na wata-wata kuma kimanin Naira 82,150, bambancin bai kai kuɗin man da zai ƙona zuwa ofishin haraji ba. A wannan mataki tarar Naira 100,000 ce ta fi ciwo, domin ita takan faɗo gaba ɗaya ne da zarar wa'adi ya wuce. Sai bashi ya haura shekara sannan tazarar ke buɗewa. Wannan ya sa matsalar ta fi fitowa bayan binciken littattafai, lokacin da jami'ai suka koma baya shekaru da dama suka fito da harajin da ba a biya ba.

To, wace hanya ce doka ta ce a bi? Ƙasashe sun bambanta. A Amurka doka ta fito fili ta ce ruwan bashin haraji yana hawa kan ruwa a kowace rana. A Birtaniya kuwa miƙaƙƙen ruwa hukumar harajinsu ke caji. A Najeriya, sashe na 32 da aka ambata ya faɗi ma'aunin ruwa da ranar da zai fara, wato daga ranar da harajin ya wajaba har zuwa ranar da aka biya, amma bai ce a riƙa zuba ruwan cikin uwar kuɗi ba. Don haka wanda aka lissafa masa ruwa a kan ruwa yana da hujjar neman a nuna masa sashen dokar da aka dogara da shi, a rubuce.

Gane hanyar da aka bi ba ya buƙatar akanta. A ɗauki adadin ruwan da ke takarda, a raba shi da asalin harajin, sannan a raba abin da ya fito da yawan shekaru. A misalin nan, 960,000 a raba da 1,000,000 a raba da 3 zai ba da 0.32, wato kashi 32, daidai da ma'aunin da aka ce an yi amfani da shi. Idan kuwa 1,299,968 ne a takardar, amsar za ta haura kashi 43. Duk lokacin da amsar ta zarce ma'aunin da aka ambata, akwai abin tambaya.

Sai dai ba ruwa a kan ruwa ne kaɗai ke kumbura lissafi ba. Wani lokaci ana haɗa tara da uwar kuɗi kafin a ɗora ruwa, sai ya zama ana caji a kan Naira 1,100,000, wanda zai ƙara wa mutumin nan Naira 96,000 a shekara uku ko da miƙaƙƙen ruwa ne. Akwai kuma batun ma'aunin da ke sauyawa. A ƙarshen 2023 ma'aunin Babban Banki kashi 18.75 ne, kafin ya hau zuwa 27.5 a watan Nuwamban 2024. Bashin da ya ratsa waɗannan shekaru ya fi dacewa a yanka shi gida-gida, kowane zango da ma'auninsa. Shekarar da ta dace da kashi 23.75 ruwanta Naira 237,500 ne a kan miliyan ɗaya, idan kuwa aka shafa mata ma'aunin kashi 32 na misalin nan sai ta koma Naira 320,000.

Masu cire harajin albashi suna da nasu tarkon. Wa'adin miƙa abin da aka cire shi ne ranar 10 ga wata mai bi, ma'ana kowane wata bashi ne mai zaman kansa da ranar farawarsa. Ba daidai ba ne a dunƙule harajin watanni 12 a ɗora masa ruwa tun daga Janairu, tunda na Disamba bai ma wajaba ba a lokacin. Haka kuma tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta ambaci tarar kashi 10 “a shekara” ne, don haka a tsohon bashi ana iya ganin tarar Naira 300,000 a shekara uku maimakon 100,000. Shi ya sa yake da kyau a duba shekarar da bashin ya samo asali da kuma dokar da takardar ta ambata.

Wanda bai gamsu da lissafi ba yana da kwana 30 daga ranar da takardar ƙiyasi ta iso hannunsa ya rubuta ƙorafi, ya faɗi dalilansa da adadin da ya yarda da shi. Idan ya bar kwanakin suka wuce, ƙiyasin ya zama tabbatacce, kuma zuwa ofis a yi magana da baki ba ya tsayar da wannan agogo. Idan ba a daidaita ba, Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kaduna take zama.

Doka ta ba hukumomin haraji ikon yafe tara da ruwa, duka ko wani ɓangare, idan akwai dalili mai ƙarfi. An ga haka a shirin VAIDS daga Yulin 2017 zuwa Yunin 2018, an kuma sake gani a Disamban 2023 lokacin da FIRS ta yi tayin yafe tara da ruwa ga waɗanda suka biya asalin bashinsu kafin ƙarshen shekarar. A duka biyun, asalin harajin bai shiga yafiyar ba.

Saboda haka mai shagon da ke jayayya a kan ruwa ya fi samun sauƙi idan ya fara biyan abin da ya amince ana bin sa, ya nemi a rubuta a rasit cewa kuɗin na asalin haraji ne. Idan mutumin misalinmu ya biya Naira 500,000 daga uwar kuɗin, miƙaƙƙen ruwan da ke hawa kansa a kowace rana zai sauko daga kimanin Naira 877 zuwa Naira 438, tun daga ranar da kuɗin suka shiga asusun hukuma.