Daga girkin mutum shida zuwa na mutum 150: yadda za mu ninka abin da hoton waya ya nuna

Ƴan uwa mata, a ƙungiyoyinmu na asusu idan suna ko biki ya taso wa ɗayarmu, mu ne masu haɗa kuɗi, mu ne kuma masu hura wuta. Yanzu wani sabon abu ya shigo cikin wannan aiki. Wata za ta ga girki mai kyau a waya, ta ɗauki hoton jerin kayan haɗinsa, ta turo mana ta ce wannan take so ranar sunan ɗanta. Hoton na girkin gida ɗaya ne, mu kuwa mutum 150 za mu ciyar.

A nan Bilma kuskuren lissafi yana da tsada. Gishiri da dabino namu ne, amma shinkafa da mai da tumatirin gwangwani sai manyan motoci sun ratso Tenere da su. Idan shinkafa ta caɓe ko gishiri ya yi yawa, kuɗin da muka yi makonni muna zubawa ne ya tafi, ga kuma kunya gaban baƙi. Shi ya sa muka ɗauki misali ɗaya, dafa-dukar shinkafa da nama, don mu bi shi daki-daki.

Ga irin abin da hoton yake nunawa, da Faransanci kamar yadda ya fi zo mana:

```
Riz 1 kg
Viande 500 g
Huile 15 cl
Tomate concentrée 70 g
Oignons 2
Sel 1 c.à.s
Piment 1 c.à.c
Eau 1,5 L
```

Kafin a ninka komai, a fara karanta shi daidai, domin ƙaramin kuskure a nan shi ma ninkuwa zai yi. Na farko, `c.à.s` babban cokali ne na cin abinci, `c.à.c` kuma ƙaramin cokalin shayi, kuma ƙarami uku ne ke cika babba ɗaya. Harafi ɗaya ne ya raba su, a hoton da ya dusashe kuwa ba wuya a ɗauki wannan a matsayin wancan. Wadda ta karanta barkono da babban cokali ta ninka shi sau uku tun ba a je ko'ina ba. Na biyu, `1,5 L` lita ɗaya da rabi ce, ba lita goma sha biyar ba. Na uku, `cl` ɗari ne ke yin lita ɗaya, don haka man da ke jerin nan bai kai kashi ɗaya cikin shida na lita ba. Idan wani layi bai fito sosai ba, a sa wadda ta turo ta sake ɗauka.

Sai babban abin da hoto yakan yanke: girkin na mutum nawa ne? Wannan yana can sama ko ƙasan rubutun, inda hoton bai kai ba. Idan babu shi, shinkafar ce za ta gaya mana. In shinkafa ce kaɗai abincin taro, kuma manya ne za su ci su ƙoshi, kilo ɗaya na ɗanya yana isar mutum shida. Wato jerin nan na tire ɗaya ne da mutum shida za su zagaye. Daga nan lissafi ya yi sauƙi: a raba 150 gida shida, a samu 25. Tire 25 za mu fitar, ninkinmu kuma 25 ne. A ƙirga har da masu girki da kwanonin da za a aika gidajen maƙwabta, don su ne ake mantawa, su ne kuma ke sa abinci ya gaza.

Yanzu kayan da ke ninkuwa kai tsaye, waɗanda da su za a je kasuwa. Shinkafa kilo 25, buhu ɗaya ke nan na mai kilo 25. Nama kilo 12 da rabi. Mai lita huɗu ba kwata, sai a sayi huɗu. Tumatir ƙananan gwangwani 25, domin ƙaramin gwangwani giram 70 ne; in babba ya fi araha, a duba nauyin da ke jikinsa a haɗa giram 1,750. Albasa 50, amma a nan a yi hattara, don mai girkin matsakaiciya take nufi. In ƙanana muka samu a ƙara, in manya ne a rage. Naman ma a tambayi kai, da ƙashi ko tsoka zalla? Hoton bai faɗa ba. Dabbar da za a yanka da ƙashinta take zuwa, saboda haka ya fi a ƙirga yanka: in kowane tire zai samu yanka goma sha biyu, biyu ga kowa, yanka 300 muke nema daga mahauci.

Wannan lissafin saye ne. Lissafin tukunya daban yake, kuma shawararmu ita ce kada a zuba kilo 25 a tukunya ɗaya ko da akwai mai ɗaukarsa. Shinkafa tana kumbura kusan sau uku. In ta yi zurfi da yawa, ta sama tana danne ta ƙasa, wuta kuma ƙasa kawai take taɓawa. Sai a buɗe a tarar ƙasa ya kama ya yi ƙanzo baƙi, tsakiya ta caɓe, sama kuma ɗanya. A raba ta gida biyar, kilo biyar kowace tukunya, tukunyar kuma ta zama mai faɗi wadda za ta ci lita 25 zuwa 30. Kowace tukunya sai ta zama ninki biyar na hoton: nama kilo biyu da rabi, mai kwata uku na lita, tumatir gwangwani biyar, albasa goma. Wannan lissafi ne da kowace mai tukunya za ta riƙe a ka. Kuma in ɗaya ta lalace, huɗu sun tsira.

Ruwa shi ne inda ninki ke yaudara. A jerin nan lita ɗaya da rabi aka ce, to ba duka shinkafar ke sha ba. Kilo ɗaya yana shan lita ɗaya da ɗan ɗori, sauran tururi ne ke tafiya da shi. Abin da shinkafa ke sha yana ninkuwa, amma tururi faɗin bakin tukunya yake bi, kuma bakin babbar tukunya bai kai ninki biyar na ƙarama ba. Don haka in muka ninka muka zuba lita bakwai da rabi, ruwa zai yi saura. A fara da lita shida da rabi, a auna romon a lokacin da za a zuba shinkafa, bayan nama ya nuna, don tafasar nama ta riga ta cinye wani. A aje buta da ruwan zafi kusa. In ruwa ya tsotse, a murza ƙwaya tsakanin yatsu. In akwai fari mai tauri a tsakiya, a yayyafa ruwan zafi kaɗan a rufe. Ƙari yana yiwuwa, ragi kuwa babu. A tuna shinkafa iri-iri ce: wadda aka turara kafin a sayar ta fi shan ruwa, tsinkakkiya kuma ta fi saurin caɓewa.

Gishiri a lissafi cokali biyar ne kowace tukunya, amma mai hoton gishiri mai laushi na leda ta auna. Namu beza ne na Kalala, mai manyan ƙwayoyi. Cokalinsa ba daidai yake da na mai laushi ba, kuma yana jinkirin narkewa a romo. Nan ne ake faɗawa rami: a ɗanɗana a ji bai ji ba, a ƙara, can kuma duka ya narke lokaci ɗaya. A daka shi, a narkar da shi a kofin ruwan zafi tukuna. A zuba na cokali uku, a jujjuya, a ɗanɗana, sannan a ƙara a hankali har romon ya ɗan fi yadda ake so a baki, tunda shinkafa za ta sha. In za a sa magi, a sa shi kafin a ɗanɗana, don shi ma gishiri ne fiye da rabinsa. Barkono kuwa a sa rabin abin da lissafi ya bayar, tunda akwai yara da tsofaffi, sauran a yi yaji a aje gefen tire.

Lokaci ba ya ninkuwa. Babbar tukunya tana daɗewa kafin ta tafasa, suyar albasa da nama ma tana ɗaukar lokaci, don in aka jibga nama da yawa ruwa yake fitarwa maimakon ya soyu, sai a soya shi kashi-kashi. Amma da zarar an zuba shinkafa ta tafaso, nunarta kusan ɗaya ce da ta gida, wajen minti 20 zuwa 30. Da ruwa ya sauka daidai kan shinkafa, a janye itace a bar garwashi, a rufe sosai, a daina juyawa. Juyawa ke farfasa ƙwaya, wuta mai ƙarfi ke kawo ƙauri. Wannan ma yana rage cin itace, wanda duk mun san darajarsa a Kawar.

Raba tukunya yana da wani amfanin. Dafaffiyar shinkafa ba ta son zama a ɗumi. Akwai ƙwayar cuta da ke tsira daga tafasa, in shinkafa ta huce ta zauna sai ta yaɗu ta bar guba, kuma ɗumamawa ba ya kashe wannan gubar. Ƙa'idar masu kula da tsabtar abinci ita ce kada ta wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi irin namu na bazara kuma awa ɗaya. Saboda haka tukunya uku su sauka daidai zuwan baƙin farko, biyu su hau wuta bayansu. In aka ga taron bai kai yadda aka zata ba, ta biyar ba sai an ɗora ba, kilo biyar na shinkafa ya koma ma'ajiyar ƙungiya yana ɗanye.

Abu na ƙarshe, a gwada. Kwana kaɗan kafin ranar, a ɗebi kilo ɗaya daga buhun da za a yi aiki da shi, a dafa yadda hoton ya ce, a zuba a tiren da za a yi rabo da shi. Nan za a ga ko tiren ya cika, ko man ya isa, da yadda shinkafar ke shan ruwa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to ranar gwaji ce ake koya wa ido ƙimar. A auna kilo ɗaya a sikelin mai kanti, a zuba a kwano a yi masa alama, wannan kwanon ya zama ma'aunin duk masu tukunya.

Bayan taro, magatakardarmu ta rubuta a bayan littafin asusu: mutum nawa suka ci, kilo nawa aka dafa, ruwa lita nawa ya shiga kowace tukunya, me ya rage, me ya gaza. Suna na gaba da wannan shafin za mu fara. Allah ya raya abin da aka haifa, ya sa albarka a asusunmu.