Wasiƙar Malama Kan Kwalbar Zoɓo

A sassan koyar da zayyana na jami'o'inmu, irin Sashen Zayyanar Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ɗalibin shekarar ƙarshe ba ya fita sai ya gabatar da babban aiki nasa na kansa. Daga cikin abin da masu karatun zanen talla kan zaɓa akwai yi wa wata sana'a kamanni: tambari, launuka, irin rubutu, takardar da ake manna wa kaya, har allon shago. Kafin ranar kare aiki malami yakan duba ya yi gyara. Yawanci da baki ake yi, a tsaye, ɗalibi na cewa "to, Malam" alhali rabin maganar ta wuce shi. Malamin da ya zauna ya rubuta wasiƙa ya ba ɗalibi abin da zai ajiye kusa da kwamfutarsa yana bi layi-layi.

Mu ɗauki misali. Wani ɗalibi ya yi wa wata ƙaramar sana'ar zoɓo kamanni. A shafin farko na aikinsa ya rubuta manufarsa: ana sayar da zoɓon a robar da ake ganin cikinta, masu saye ɗalibai ne da ma'aikata, kuma mai sana'ar ba ta da kuɗin buga launuka da yawa. Ya zana tambari mai siffar furen zoɓo, ya zaɓi ja mai duhu da ruwan zinare, ya haɗa hotunan kwalba masu ɗaukar ido a kwamfuta.

Bayan sallama, malamarsa ta fara da maimaita masa wannan manufa. "Da abin da ka ce za ka yi zan auna ka," in ji ta. Wannan jimla ita ce ginshiƙin wasiƙar, domin daga nan duk hukuncin da zai biyo baya yana da ma'aunin da su biyun suka yarda da shi. Sannan ta faɗi abin da ta gani a aikin ba tare da hukunci ba, tsarin da masanin koyar da fasaha Edmund Feldman ya shahara da shi: a fara bayyana abin da ke gaban ido, a nazarce shi, a fassara, hukunci ya zo ƙarshe. Amfaninsa shi ne ɗalibi ya tabbata an kalli aikinsa da gaske kafin a taɓa shi.

Yabonta bai tsaya ga "aiki ya yi kyau" ba. Ta rubuta: "Na rage tambarinka zuwa faɗin santimita 2, na buga shi baƙi da fari, har yanzu ana gane fure ne. Dalili kuwa ka yi shi da siffofi biyar masu kauri, babu siraran layuka. Kada ka ƙara masa komai." Irin wannan yabon yana da aiki. Ɗalibin da aka ce masa kawai ya yi ƙoƙari, in ya zo gyara, sau da yawa abin da ya fi kyau shi yake fara lalatawa, saboda bai san mene ne ya yi daidai ba.

Daga nan ta shiga babbar matsala, kuma a nan ta fi daɗewa. Ɗalibin ya sa sunan kaya da jan rubutu a kan leda mai ganin ciki. A hoton kwamfuta kwalbar tana kan farin fili, rubutun ya fito raɗau. Amma zoɓo da kansa ja ne mai duhu. Da zarar an cika kwalba, ja ya hau kan ja, suna ya ɓace. Malamar ba ta ce masa ya sauya launi zuwa kaza ba. Cewa ta yi ya sayi kwalbar zoɓo, ya buga takardarsa a ainihin girmanta, ya manna, ya ajiye a kan tebur, ya ja baya taku uku, ya nemi wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta sunan. Ta ƙara da cewa ya jefa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara na awa biyu, tunda a nan za ta yi rayuwarta, ya ga ko takardar za ta jiƙe ta saɓule. A ganina wannan ne wurin da wasiƙar ta fi ƙarfi. Ɗalibi na iya musu da ra'ayin malama a zuciyarsa, amma ba zai yi musu da kwalbar da ke hannunsa ba.

Ta haɗa wannan da maganar ruwan zinare. Allon kwamfuta yana haɗa launi da haske, tsarin da ake kira RGB, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK. Zinaren da ke sheƙi a allo, in ya fito daga tawada huɗu, sai ya koma ruwan ƙasa mai ɗan rawaya. Zinare mai ƙyalli na gaske yana buƙatar tawada ta musamman ko wani aiki na daban, kuma kowane ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Ta tuna masa cewa shi da kansa ya rubuta mai sana'ar ba ta da hali.

Matsala ta biyu ƙarama ce a ido. Irin rubutun da ya zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, don haka kwamfuta ta aro ɓ daga wani irin rubutu dabam, ta fito siririya tsakanin haruffa masu kauri, a tsakiyar sunan kayan. Ta nuna masa cewa akwai nau'o'in rubutu irin Noto da Andika da suke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ, ko kuma ya zana lanƙwasar da hannunsa ta dace da sauran. Ta uku ta wuce ta da layi biyu: bai bar wurin lambar rajistar NAFDAC ba, da jerin kayan haɗi, da ranar yi da ranar lalacewa, da adireshin mai yi. In aka cusa su daga baya, tsarin takardar zai rushe.

Akwai kuma abin da ta ware gefe ta ce ra'ayinta ne kawai. Adon da ya kewaye takardar da shi, mai kama da zanen bangon gidajen gargajiya, ya yi mata yawa. "Wannan son raina ne, ba kuskure ba ne," ta rubuta. "In kana da hujjar barinsa, ka bar shi, ka shirya kare shi gaban masu jarrabawa." Malamai da yawa ba sa yin wannan rarrabewar, sai ɗalibai su fita suna zana abin da malam ke so, ajin gaba ɗaya aikinsu ya zama kamar an buga da hatimi ɗaya.

Wanda ya ƙirga zai ga yabo ɗaya ne, gyara uku. Wasu za su ce ba a daidaita ba, domin sun saba da salon a fara da yabo, a cusa suka a tsakiya, a rufe da wani yabon. Ɗalibai sun daɗe da gane wannan dabara. Suna tsallake na farko da na ƙarshe su nemi inda aka sare su. Daidaiton wasiƙar malamar yana cikin nauyin da ta ba kowane abu gwargwadon girmansa, da kuma yadda ko'ina ta ce "rubutun bai fito ba" maimakon "ba ka iya zaɓen launi ba".

Da yake saura mako uku a kare aiki, ta jera masa abin da zai fara: launi da gwajin kwalba a makon farko, haruffa da bayanan NAFDAC a na biyu, na uku ya kai wa mai bugu ya fitar da gwaji guda kafin a buga duka, ya bar milimita 3 na rara a kowane gefe saboda yanka. Ba ta rubuta maki ba, ta ce ya zo ofis ranar Talata da kwalbar a hannunsa.