Minti biyar a filin taro: yadda jiki ke tuna ƙyanda

Malamin da aka ba minti biyar a taron safiyar Litinin don ya bayyana aikin allurar rigakafi, gara ya ɗauki cuta ɗaya, misali ƙyanda, wadda duk ɗalibi ya san ta.

Ya faɗa wa yara cewa abin da ke cikin allurar ƙwayar ƙyandar ce da aka raunana ta. Da ta shiga, wasu fararen ƙwayoyin jini su gane siffarta, su hayayyafa, su ƙera makaman da suka dace da ita kaɗai. Aikin na cin mako biyu zuwa uku. Sannan yawancinsu su mutu, amma wasu su rage tsawon shekaru, kamar maigadin da ya taɓa ganin fuskar ɓarawo. Ranar da ƙyandar gaske ta zo, cikin 'yan kwanaki sun murƙushe ta, tun kafin ƙuraje su fito.

Tambayar da yara kan yi ita ce, me ya sa ake yi sau biyu? A Najeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. A wata 9 sauran kariyar da jariri ya samo daga uwa kan kashe ƙwayar kafin jiki ya koye ta, shi ya sa wajen yaro 15 cikin 100 ba ta kama su. Ta biyun don su ake yi.

A ganina kada malamin ya ɓoye zancen zazzaɓi. Wasu yara kan yi shi mako guda ko fiye bayan allurar, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.