Ko Kun Sani? Zubar Jini Iri Biyu a Ƙarshen Goyon Ciki

Jinin da ke ɓalle wa mai ciki bayan mako 28 yakan fito ne daga ɗayan matsaloli biyu na mabiyiya.

Wani lokaci mabiyiya kan zauna a ƙasan mahaifa ta tare ƙofar fitar jariri. Jininta ja ne jawur, yana zuwa ba ciwo, har cikin barci, ya tsaya ya dawo. Cikin na nan da taushi.

Idan kuwa mabiyiya ta ɓanɓare daga bangon mahaifa kafin haihuwa, sau da yawa ga mai hawan jini, ciwo ne mai tsanani. Ciki ya yi tauri kamar katako, jinin baƙi-baƙi, motsin jariri ya ragu. Jinin kan taru a bayan mabiyiya, sai a ga ɗan kaɗan a zane alhali mace na jiri da zufa mai sanyi.

Saboda haɗarin mabiyiyar da ta tare ƙofa, ungozoma, a gida ko a asibiti, ba ta sa yatsa ta gwada buɗewar bakin mahaifa sai hoton ciki ya nuna inda mabiyiya take. A ƙarshen ciki kusan rabin litar jini ke ratsa wurin kowane minti. Yatsa ɗaya na iya yaga mabiyiyar da ta tare ƙofa, jini ya ƙi tsayawa.

A Turba da ƙauyukan Isa da Sabon Birni, inda hanyar Sakkwato ke da nisa, ko jinin ya tsaya a nemi mota nan take zuwa babban asibiti mai tiyata da ƙarin jini, tare da 'yan'uwan da za su iya ba da jini.