Harin doki mai baki biyu: ba kowanne ke kawo riba ba

A wasa na 10 na gasar ces ta duniya da aka yi a Mosko a 1966, Tigran Petrosian ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye ta a gidan h8, dab da sarkin Boris Spassky, ba mai kare ta. Nan take Spassky ya sallama, domin ya hango abin da ke tafe. Idan sarkinsa ya ci sarauniyar, dokin Petrosian da ke d6 zai cinye hasumiyar f7, ya kai wa sarki da sarauniyar g5 hari lokaci guda. Dole sarki ya kauce, sarauniya kuwa ta tafi.

Yaya ake hango irin wannan dama a tsakiyar wasa, alhali fage ya cika? Duk tsallen da doki ya yi, launin gidansa yakan canza, don haka ba ya haɗa 'ya'ya biyu a hari sai suna kan gidaje masu launi ɗaya. Gidajen h8 da g5 duk baƙaƙe ne, shi kuwa sarkin Spassky yana g8, farin gida. Aikin sarauniyar ke nan, ta janyo shi inda doki zai same shi.

To amma me ya hana Petrosian cin hasumiyar kai tsaye, tunda daga f7 dokin zai taɓa sarauniya? Babu barazana ga sarki, saboda haka Spassky na da sarari, sai sarauniyarsa ta kauce ta cinye ɗaya dokin da ke e3. Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Harin da bai haɗa da sarki ba yakan bar wa abokin karawa taku guda, kuma wanda aka kai wa hari na iya tserewa da ganima, ko ya tsere yana yi wa sarki barazana. Ta hanyar da ya bi kuwa, Petrosian ya ba da sarauniya mai maki 9, zai karɓi hasumiya da sarauniya, maki 14.

Akwai kuma batun komowa. Doki yakan sauka c7 ya ritsa sarki a e8 da hasumiya a a8. Ya ci hasumiyar, amma daga wannan lungu mafita biyu kacal gare shi, b6 da c7. In aka tsare su, ya halaka, ribar ta sauko daga maki 5 zuwa 2. Idan ma an sadaukar da wani dokin kafin a samu harin, faɗuwa aka yi.

Saboda haka kafin ka ɗaga doki, duba ko wani na tsaron gidan da zai sauka, sannan ka lissafa har zuwa ci na ƙarshe.