Gyaɗar Sudan da ba ta isa Jamus ba: yaushe uzuri ke warware kwangila?

Ranar 4 ga Oktoba, 1956, wani kamfani mai suna Tsakiroglou ya ƙulla ciniki da kamfanin Noblee Thorl na Jamus. Zai sayar masa da tan 300 na gyaɗar Sudan, kowane tan a kan fam 50, kuma a cikin wannan farashi har da kuɗin jirgin ruwa da inshora zuwa tashar Hamburg. An yi sharaɗi a ɗora kayan a jirgi cikin watan Nuwamba ko Disamba na shekarar. Mai saye da mai sayarwa duk sun ɗauka cewa jirgin zai tashi daga tashar Port Sudan ya ratsa mashigin Suez, don ita ce hanyar da kowa ke bi. Sai dai ba su rubuta hakan a takardar ba.

Ba a cika wata guda ba yaƙi ya ɓarke. Shugaba Gamal Abdel Nasser ya riga ya mayar da mashigin mallakar gwamnatin Masar tun watan Yuli, sai Isra'ila da Birtaniya da Faransa suka kai wa ƙasar hari. A farkon Nuwamba mashigin ya toshe, bai sake buɗewa sosai ba sai watan Afrilu na 1957. Hanyar da ta rage ita ce a zagaye nahiyar Afirka ta kudu. Tafiyar da ba ta wuce mil 4,400 ba ta koma fiye da mil 11,000, kuɗin dakon tan ɗaya kuma ya tashi daga fam bakwai da sule goma har ya kai fam 15. Masu gyaɗa suka ce ciniki ya warware, abin da ya faru ba da hannunsu ba ne. Masu saye suka ce ba su san zancen ba.

Duk ɗan kasuwa zai tausaya wa masu gyaɗa, ni ma haka. Amma kafin a yanke musu hukunci, ya kamata a san inda dokar ta tsaya. A dokar Ingila, wadda kotunan Najeriya da na Ghana suka gada, asali shi ne alkawari kaya ne: wanda ya ɗauka sai ya sauke, ko ya biya diyya. An sassauta wannan a 1863, a shari'ar Taylor da Caldwell. An ba da hayar wani zauren kiɗa a Landan na kwana huɗu, kafin ranar farko gobara ta cinye shi ba tare da laifin kowa ba. Alƙali Blackburn ya ce yarjejeniyar ta ginu ne a kan wanzuwar zauren, tunda babu shi, kowa ya sauka daga alkawarinsa. Daga nan aka samu ƙa'idar cewa abin da ya auku bayan ƙulla kwangila yana iya kashe ta nan take, ko da ba wanda ya nemi hakan.

Wahalar tana wajen gane iyaka. Gobara a fili take. To, tsadar kaya fa, ko ƙarancin ma'aikata, ko doguwar hanya? A 1956 ɗin dai, kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani, wato Majalisar Dattawa, ta duba ƙarar kamfanin gini na Davis. Ya karɓi kwangilar gina gidaje 78 cikin wata takwas daga hukumar garin Fareham, a kan kimanin fam 92,000. Ƙwararrun ma'aikata suka yi ƙaranci, aikin ya ci wata 22, kamfanin ya kashe kusan fam 115,000. Kotu ta ƙi sauke masa nauyi. Alƙali Radcliffe ya kafa ma'aunin da ake aiki da shi har yau: a duba ko abin da ya rage a yi ya zama wani abu daban tun daga tushe, ba wanda aka yi alkawari ba. Gidaje 78 aka nema, su aka gina. Wanda ya karɓi aiki a kan tsayayyen farashi ya karɓa ne tare da sanin cewa kasuwa na iya juya masa baya.

Da wannan ma'auni aka auna gyaɗar lokacin da shari'ar ta isa gaban dattawan a 1961. Sun fara da takardar kanta. Me masu sayarwa suka ɗauki nauyin yi? Su ɗora gyaɗa a jirgin da zai kai ta Hamburg ta hanyar da ta dace a lokacin ɗorawa. Babu inda aka ambaci Suez, kuma kotu ta ƙi ta cusa sharaɗin da mutanen ba su rubuta ba. Sannan suka duba kayan. Gyaɗa ba ta lalacewa don ta ƙara 'yan makonni a teku, kuma ba a tsayar da ranar da dole ta isa Hamburg ba, watannin ɗorawa kawai aka faɗa. Akwai jiragen da ke bin doguwar hanyar. Takardar tana da sharaɗin uzuri idan yaƙi ya hana ɗora kaya, amma babu abin da ya hana a ɗora gyaɗa a Port Sudan. Abin da ya rage wa masu sayarwa su kafa hujja da shi shi ne ninkin kuɗin dako, shi kuwa ƙarin kashe kuɗi ne kawai. Kwangila tana nan da ranta.

A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da yake yana da ɗaci. Amfanin tsayar da farashi tun yau a kan kayan da za a kawo gobe shi ne kowa ya san inda ya dogara. Da farashin dako ya faɗi, masu gyaɗa ba za su mayar wa Jamusawa ko sisi ba.

Dattawan ba su ce toshewar hanya ba ta taɓa warware ciniki ba. Da kayan masu saurin ruɓewa ne, ko da an ɗaure ranar isowa ta yadda doguwar hanya ba za ta cim mata ba, da maganar na iya sauyawa. Abin da ya faru ɗaya ne, amma yana iya kashe wata kwangila ya bar wata, gwargwadon abin da kowace ta ƙunsa. Haka aka gani a Najeriya a 1978, a shari'ar Araka da kamfanin gini na Monier. Kamfanin ya kama hayar gida a Fatakwal don ma'aikacinsa baƙo ɗan ƙasar waje, sai yaƙin basasa ya tilasta wa baƙi barin yankin. Kotun Ƙoli ta ce hayar ta warware, domin dalilin kama gidan ne ya gushe gaba ɗaya.

Akwai ƙofofi biyu da ke rufe uzuri tun kafin a kai ga awo. Wanda ya jawo cikas ɗin da hannunsa ko da sakacinsa ba zai fake da shi ba. Idan kuma takarda ta riga ta faɗi wanda zai ɗauki asarar irin wannan lamari, abin da aka rubuta shi kotu za ta bi.

Haɗarin da ya fi girma yana kan wanda ya yanke wa kansa hukunci ya ajiye aiki. Ba sai kotu ta yi magana kwangila ke warwarewa ba, amma kotu ce ke faɗa daga baya ko ta warware ɗin. In ta ce ba ta warware ba, wanda ya tsaya ya zama mai saɓa alkawari, kuma zai biya bambancin da ke tsakanin farashin yarjejeniya da na kasuwa. Da masu gyaɗa sun daure sun bi ta kudancin Afirka, ƙarin fam bakwai da sule goma a kan tan 300 bai wuce fam 2,250 ba. Da suka ƙi ɗorawa, kuma farashin gyaɗa ya hau a kasuwa, diyyar da aka yanke musu ta kai fam 5,625.