Nawa Aikin Zai Ci Kafin Ya Ƙare?

A ce an ba ɗan kwangila ginin azuzuwa a kan naira miliyan 60. Aiki ya kai kashi 40 cikin ɗari, amma da aka duba littafin kuɗi sai aka tarar miliyan 30 ta riga ta tafi. Kashi 40 na miliyan 60 shi ne miliyan 24, wato an kashe 30 a kan aikin da darajarsa 24 ce. Giɓin miliyan 6 ya fito fili. Abin da ke hana mai aikin barci kuwa shi ne sanin nawa ginin zai lashe kafin a miƙa masa makulli.

Masu kula da manyan ayyuka suna da lissafin da ke amsa wannan, wanda ya samo asali daga ƙa'idojin da ma'aikatar tsaron Amurka ta shimfiɗa wa 'yan kwangilarta a 1967. A takardunsu, BAC shi ne jimlar kasafi, AC kuɗin da aka kashe, EV darajar aikin da aka kammala, EAC kuma hasashen abin da aikin zai ci gaba ɗaya. Hanyar fitar da EAC ba ɗaya ba ce, kuma zaɓin ya rataya ne a kan dalilin giɓin: tsautsayi ne da ya wuce, ko halin aikin ke nan?

Idan ambaliya ce ta rusa harsashin ginin har aka sake haƙa da zuba kankare, asarar ta faru ta ƙare. Sai a ɗauka sauran aikin zai tafi yadda aka tsara:

```
EAC = AC + (BAC - EV)
```

Saura aikin miliyan 36, a haɗa da 30 da aka kashe, ya zama miliyan 66.

Amma idan tun farko an yi kuskuren ƙiyasta farashin siminti da rodi, ko magina ba sa jera yawan bulon da aka zata a yini, to matsalar tana nan daram, za ta bi kowane bango har zuwa rufi. A nan sai a raba 24 da 30 a sami 0.8, ma'aunin da ake kira CPI. Ma'anarsa, duk nairar da aka kashe aikin kwabo 80 take haifarwa.

```
CPI = EV / AC
EAC = BAC / CPI
```

Miliyan 60 a raba da 0.8, miliyan 75 ke nan. Gini ɗaya, littafi ɗaya, amma tsakanin amsoshin biyu akwai miliyan 9.

Ba mamaki yawancin manajoji sun fi son lissafin farko, domin ya fi daɗin faɗa a gaban mai kuɗi. Sai dai wanda ya zaɓe shi yana alkawari ne cewa ma'aikatan da suka saba samar da aikin kwabo 80 za su koma samar da na naira cur daga gobe, kuma ya kamata a tambaye shi me ya canza. A 1993 David Christensen da Scott Heise suka binciki kwangilolin sojan Amurka 155, suka gano cewa da zarar aiki ya wuce kashi 20 cikin ɗari, da wuya CPI ɗinsa ya sauya da fiye da kashi 10. Manyan kwangilolin makamai ne waɗannan, ƙaramin gini yana iya fin su hawa da sauka, amma binciken ya isa ya sa nauyin kawo hujja ya hau kan mai cewa giɓin ba zai maimaitu ba.

Gane bambancin aikin bin rasit ne. Giɓin tsautsayi yana da rana da dalili, yakan taru a wata guda ko a sashe guda na aikin. Giɓin hali kuwa a warwatse yake, kowane wata CPI yana ƙasa da ɗaya, a fandisho da bango da filasta.

Sau da yawa ma gauraye suke zuwa. A ce cikin miliyan 6 ɗin nan, 4 na ambaliya ne, 2 na tsadar kaya. Sai a ware 4 gefe, kashe kuɗi na yau da kullum ya zama 26 a kan aikin 24. Da wannan tafiyar, sauran aikin miliyan 36 zai ci 39. A haɗa da 30 da aka riga aka kashe, hasashen ya tsaya a miliyan 69.

Akwai kuma lokacin da duk lissafin biyu ke gazawa. Bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi a lokaci guda. Aikin da ya yi rabi kafin wannan rana CPI ɗinsa yana ɗauke ne da tsohon farashi, don haka ko BAC / CPI zai ba da adadin da bai kai gaskiya ba. A irin wannan hali injiniya da mai ƙiyasin kaya sai su zauna su sake yi wa sauran aikin farashi ɗaya bayan ɗaya, buhu da tifa da ladan lebura, sannan su ɗora jimlar a kan abin da aka riga aka kashe.